Katin da zai raka tukunyar alobera

Wanda bai taɓa riƙon shuka ba yakan ɗauka ban ruwa shi ne kulawa. In aka ba shi alobera kyauta, duk sanda ya idar da alwala sai ya juye mata ragowar buta. Kafin wata biyu gindinta ya ruɓe.

Alobera tana ajiye ruwa a cikin ganyenta masu kauri, saiwarta kuwa tana buƙatar iska. Idan ƙasa ta zauna jiƙe kullum, iska ba ta shiga, saiwar ta yi baƙi ta mutu. Matacciyar saiwa ba ta jan ruwa, don haka ganyen ya kwanta kamar mai jin ƙishirwa, mai shuka kuma ya ƙara mata ruwa. Nan ne tarkon yake, kuma shi ya kamata katin da ka haɗa da kyautar ya kwance.

Kada ka rubuta "a ba ta ruwa kaɗan". Mai son ban ruwa zai riƙa yayyafa mata kaɗan safe da yamma, ya ga ya bi umarni. "Sau ɗaya a mako" ma bai wadatar ba, domin ƙasar da ke bushewa cikin mako guda a bazara tana iya ɗaukar mako uku a sanyin hunturu. Gara ka ba hannunsa aikin yi. A ce ƙanwarka ce za ka ba:

"Ƙanwata, kafin ki ɗauki buta, ki soka tsinken tsire har ƙasan tukunyar. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ki bar ta, ki sake gwadawa bayan kwana 3. In ya fito a bushe, ki zuba ruwa sosai har ya ɗiga ta hujin ƙasa, sannan ki zubar da wanda ya taru a faranti. Da damina ki shigar da ita ƙarƙashin rumfa inda haske ke isa. Ganyen da ya sirance ya nannaɗe, ƙishirwa ce. Wanda ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa daga gindi, ruwa ne ya yi yawa."

A bayan katin sai ka sa matakin ceto. A ciro ta daga tukunya, a yanke baƙar saiwa mai wari da wuƙa mai tsabta, a bar ta a inuwa kwana 2 ko 3, a mayar da ita cikin busasshiyar ƙasa, kada a ba ta ruwa sai bayan mako guda. In ruɓar ta kai zuciyar shukar, ta wuce magani, sai a cire 'ya'yan da suka tsiro a gefe a dasa.

Wani ɓangaren aikin kuma naka ne, kai mai kyauta. Tukwanen ado da yawa ba su da huji, kuma babu katin da zai ceci shuka a cikinsu. Ka nemi ta yumɓu mai huji, ka cakuɗa ƙasar da yashi mai tsakuwa rabi da rabi.