Yadda Ake Tace Saƙon Murya Ya Zama Rubutu

Kwana biyu bayan sunan jikarta, gwaggona ta turo mini saƙon murya na minti 3, ta ce in mayar mata da shi rubutu a aika wa dangi. Na zauna na rubuta shi kalma bayan kalma. Ga yadda ya fara:

"To, assalamu alaikum, wato, ina so ne in ce, ka gane, mun gode, mun gode ƙwarai, eh, musamman su Yaya da suka, wato waɗanda suka taso tun daga Damagaram, kun dai sha hanya, Allah Ya bar zumunci."

A kunne maganar tana da daɗi, amma a takarda sai ta gajiyar da mai karatu. Mai magana yana cike gurbin tunani da "wato" da "eh" da "ka gane", yakan kuma fara jimla ya sake ta ya kama wata. Waɗannan na fara cirewa, ba tare da wata shakka ba.

Inda aikin yake da wuya shi ne ƙananan kalmomi irin su "dai", "fa", "kam" da "kuwa". Mai gaggawa yakan share su tare da sauran, ya ɗauka duk ƙaiƙayi ne, alhali a cikinsu tausayin maganar yake. "Kun sha hanya" labari ne kawai. "Kun dai sha hanya" kuwa muryar wadda ta san wahalar tafiyar ce, ta kuma ji ta a ranta. Abin da nake yi shi ne in cire kalmar in karanta jimlar a bayyane. Idan har yanzu Gwaggo nake ji, kalmar ta tafi. Idan ta koma kamar sanarwar ofis, sai in mayar da ita.

Maimaici ma haka ne. "Mun gode" ta fito sau 6 a saƙon; na bar ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Addu'a ban taɓa ta ba, kuma ban musanya "su Yaya" da "manyan baƙi" ba, domin ba haka take kiran su ba.

Ga abin da ya rage: "Assalamu alaikum. Mun gode ƙwarai, musamman su Yaya da suka taso tun daga Damagaram. Kun dai sha hanya. Allah Ya bar zumunci."

Kuskure ɗaya na so in tafka. Can wajen ƙarshe ta ce "ita ma a gode mata", ni kuma na sa sunan wadda nake zato. Da na kira ta na karanta mata, sai ta ce, "A'a ɗana, maƙwabciyarmu nake nufi, wadda ta yi aikin girki."

Saboda haka, mai karatu, kafin ka aika maganar wani a rubuce, ka kira shi ka karanta masa tukuna.