Tsoron allura: yadda ake raba mutum da shi mataki-mataki

Ba wanda ke son allura, amma akwai wanda ganin sirinji kawai ke sa gabansa ya faɗi, zufa ta karyo masa. A ce ga wata mai juna biyu a wani ƙauye na Shagari ta ƙi zuwa awo, don ta san za a ɗebi jininta kuma a yi mata allurar rigakafi. Mutanen gida sai su ce taurin kai ne. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna ɗaukarsa lalura, muddin tsoron ya zarce haɗarin, ya kai kamar wata 6, yana kuma hana mutum abin da zai amfane shi.

Gudun allurar ne ke ciyar da tsoron. Duk ranar da ta fasa zuwa sai ta ji sanyi a ranta, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe cewa gudun ne ya cece ta.

Hanyar da Joseph Wolpe, wani likita ɗan Afirka ta Kudu, ya bayyana a littafinsa na 1958 ta dogara ne kan cewa jiki ba ya zama a sake kuma a firgice lokaci guda. Don haka ake fara koya mata sakin jiki: ta dunƙule hannu na daƙiƙa 5, ta sake shi, ta bi sauran gaɓoɓi haka, tana numfashi a hankali. Sai ita da ma'aikacin lafiya su jera abubuwan da ke tsorata ta, tana ba kowanne maki daga 0 zuwa 100. Jin kalmar allura, wataƙila 10. Riƙe sirinji marar tsini, 40. Zama a bencin babban asibitin Bodinga tana kallon ana yi wa wasu, 70. Miƙa nata hannun, 100.

Daga ƙasa ake farawa, sau da yawa a cikin tunani kafin a zahiri. Za ta fuskanci matakin jikinta a sake, ta maimaita har makin ya sauko sosai, sannan a hau na gaba. In ya ƙi sauka, tazarar ta yi yawa, sai a saka wani mataki a tsakani. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne danniya: 'yan'uwa su riƙe ta a soka mata, wai ta saba. A ganina wannan ƙara wa tsoron gishiri ne.

Sai dai wanda ke suma in ya ga jini ko allura, bugun jininsa ne ke faɗuwa, kuma sakin jiki na iya ƙara kayar da shi. Shi akasin haka ake koya masa: ya ɗaure tsokar hannu, ƙafa da ƙirji na daƙiƙa 10 zuwa 15, ya sassauta, ya maimaita sau 5. Irin wannan ya fi dacewa ya fara ganin ƙwararru, kamar na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.