Hattara Da Masu Sojan Gona Da Sunan Liman

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako muna so mu ja kunnen jama'ar masallatanmu game da wata irin damfara, watau wani macuci ya ari sunan liman da hotonsa, ya riƙa aika wa mutane saƙo ta wayar hannu yana neman kuɗi. Abin da za mu faɗa ɗaya ne: kada kowa ya aika da ko kwabo saboda rubutaccen saƙo, sai ya ji daga bakin liman ta hanyar da shi da kansa ya zaɓa.

Bari mu fara da abin da ya faru a masallacin unguwarmu. Wani attajiri mai sayar da atamfa ya sami saƙo ta WhatsApp ran wata Alhamis da hantsi, sa'ad da kasuwa ta cika. Hoton da ke kan saƙon na liman ne, sunan ma nasa ne. Mai saƙon ya yi sallama cikakkiya, ya ce yana asibiti tare da wata marainiya da za a yi wa aiki kafin azahar, an nemi Naira dubu 150, kuma yana gaban likita, saboda haka kada a kira shi. Ya ƙara da cewa a rufa asirin yarinyar, kada a gaya wa kowa, domin sadakar ɓoye ta fi lada. Alhaji ya aika da kuɗin nan take. Bayan sa'a guda sai ga wani saƙon, wai an ƙara kuɗin jini Naira dubu 60, ya sake aikawa. Washegari bayan an sauko Juma'a ya matsa kusa da liman, ya ce, "Allah gafarta Malam, yaya jikin yarinyar nan?" Liman ya ce, "Wace yarinya, Alhaji?" A nan ne aka gane, kuma da aka bincika sai aka tarar an aika wa mutane da dama irin wannan saƙo.

To, mai karatu ya lura da tarkon da aka ɗana. An sa gaggawa domin kada Alhaji ya sami damar tunani. An hana kira domin murya za ta tona asiri. An nemi sirri domin kada ya tambayi maƙwabcinsa na sahu, ya ji cewa shi ma an aiko masa. Sa'an nan an dogara ga kunyar da muke ji wa malamai, gama mutum yana ganin rashin ladabi ne ya tuhumi limaminsa. Duk saƙon da ya tara waɗannan abubuwa, gaggawa da hana kira da neman sirri, lalle a ɗauke shi na ɓarawo har sai an tabbatar da akasin haka.

Hanyoyin da suke bi iri biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Ta farko ita ce macucin ya sayi sabon layi, ya kwafi hoton liman, ya tsinci lambobin jama'a daga zauren masallaci na WhatsApp, domin kowane ɗan zaure yana iya ganin lambobin sauran. Wannan ita ce ta ci Alhaji, kuma gane ta ba wuya: da ya dubi lambar da kyau, da ya ga ba ita ce ya ajiye tun shekaru ba. Sau da yawa sukan riga mutum da cewa, "Na canja lamba, ka ajiye wannan." Wannan magana ita kanta abar tuhuma ce.

Ta biyu ta fi haɗari, domin saƙon yakan fito daga lambar liman ta gaskiya. Yadda abin yake shi ne, idan za a buɗe WhatsApp a sabuwar waya, kamfanin yakan aika da lambobi 6 zuwa layin mai shi. Sai macucin ya sa lambar liman a wayarsa, sa'an nan ya kira liman da ladabi ya ce za a yi taron malamai ta waya, an aiko masa da lambar shiga, ya karanto ta. Da zarar an karanta masa lambobin nan 6, WhatsApp ɗin liman ya koma hannunsa, har da zaurukan da liman ke ciki. Amma akwai abu ɗaya da bai samu ba, shi ne layin kansa, wanda yana nan cikin wayar liman. Saboda haka idan aka kira ta WhatsApp ɓarawo za a samu, idan kuwa aka yi kira na kai tsaye, irin wanda ake cin kati, liman ne zai ɗauka.

Wannan tabbatarwa ba rashin ladabi ba ce, umurni ne na addini. A aya ta 6 ta Suratul Hujurati, Allah Ya umurci muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su yi abin da za su wayi gari suna nadama. Malaman tafsiri da yawa sun ce ayar ta sauka ne a kan wani labari mara tushe da aka kawo game da zakkar Banul Musɗaliƙ, ashe ke nan tun farko zancen karɓar dukiya ne. Haka kuma malaman Hadisi ba su karɓi magana domin an jingina ta ga babban suna ba, sai sun san wanda ya kawo ta da wanda ya ji daga gare shi. Saƙon waya mai ɗauke da hoto kawai kamar ruwaya ce marar isnadi.

Ga yadda za a tabbatar. Da farko kada a amsa saƙon, kada kuma a tambayi mai saƙon ko shi ne liman, gama ɓarawo ba zai ce a'a ba. A buɗe ma'ajiyar lambobi, a kira tsohuwar lambar da aka sani, kira na kai tsaye. Idan ya ɗauka, a bar shi ya faɗi bukatar da bakinsa, kada a karanto masa. Idan ba a same shi ba, ko layin a kashe yake, ko muryar ta ba da shakka, a nemi na'ibi ko ladan ko ma'ajin masallaci, domin akwai lokacin da ɓarayi kan ƙwace layin ma. In duk bai yiwu ba, a jira sallar da ke tafe. Liman mutum ne da ake ganinsa sau biyar a yini, kuma gani ya kori ji. Saƙon murya ma ba hujja ba ne, domin ana iya ɗauko tsohuwar muryar mutum daga wani wuri a turo.

Abu na gaba shi ne sunan asusu. A Nijeriya, idan mutum ya sa lambar asusu mai lambobi 10, ko a waya ko a wurin mai POS, sunan mai asusun yakan bayyana kafin kuɗi su fita. Alhaji ya ga baƙon suna, amma an riga an gaya masa wai na ma'aikacin asibiti ne, sai ya wuce. Wannan shi ne kuskurensa na biyu. Sai dai a sani, ko da sunan ya yi kama da na liman bai isa ba, domin masu suna iri ɗaya suna da yawa a ƙasar nan. Abin da ya fi shi ne kowane masallaci ya kasance da asusu guda da sunan masallacin, a rubuta lambarsa a allo, liman kuma ya sanar a kan mumbari cewa ba ya neman kuɗi ta saƙo, ba kuma zai yi fushi da wanda ya kira don ya tabbatar ba. Wannan sanarwa ita ce za ta cire wa mutane kunya, kuma dama Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce.

Ga 'yan'uwanmu limamai kuwa, lambobin nan 6 ba a karanta wa kowa su, ko wane ne. A kuma shiga Settings, sa'an nan Account, sa'an nan Two-step verification, a sa lambar sirri, wadda ita ce kwaɗo na biyu a ƙofa. Wanda aka riga aka ƙwace nasa, ya sake yin rajista da layinsa, sabbin lambobi za su zo masa, shigarsa kuwa za ta fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirri, mai yiwuwa sai an jira kwana 7. Kafin nan a sanar da jama'a bayan kowace salla.

Wanda kuɗinsa suka riga suka fita, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sanar da bankinsa a cikin sa'ar nan, da takardar shaidar aikawa da lambar asusun da aka tura wa, domin macutan sukan kwashe kuɗin da wuri. Kada ya goge saƙonnin, shaida ne. Ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, gama dokar laifuffukan intanet ta shekarar 2015 ta haramta yin sojan gona da sunan wani. Ya kuma gaya wa liman domin a tsare saura. Ba mu yi wa kowa alkawarin kuɗi za su dawo ba, sau da yawa ba sa dawowa.

Saura mas'ala guda da attajirai za su so su sani. Idan abin da aka aika sadaka ce ta ganin dama, muna fatan Allah Ya ba mai ita ladan niyyarsa. Amma idan zakka ce, to, abin da ke cikin Mukhtasar na Shehu Halilu a mazhabar Malikiyya shi ne, wanda ya ba da zakkarsa bisa ƙoƙarinsa ga wanda daga baya ya bayyana bai cancanta ba, kuma aka kasa karɓo ta, ba ta isar masa ba, sai ya sake fitarwa. An ruwaito sassauci daga Imamu Abu Hanifa ga wanda ya yi bincike tukuna. To, wanda ko kira ɗaya bai yi ba, da wane bincike zai kafa hujja? Ashe sakacin minti biyu yana iya jawo biya sau biyu, matalaucin gaskiya kuma yana can yana jira.

Ba muna cewa a rufe hannu ba ne. Marayu da marasa lafiya na gaskiya suna nan, kuma su ne ake zalunta idan dukiyarsu ta faɗa hannun macuci. A ci gaba da bayarwa, amma a kira tukuna. Allah Ya tsare mu daga sharrin masu sharri, Ya karɓi sadakarmu, Ya shiryi waɗanda suka ɓata. Wassalamu alaikum.