Kuɗi Sun Shigo, Kaya Sun Tashi: Saƙonni Biyu da Mai Saye Yake Bin Ɗan Kasuwa

Ciniki ta waya ya zama ruwan dare. Mace tana zaune a gidanta a Kaduna za ta ga hoton atamfa daga wani shago a Kantin Kwari, ta yi tayi, a sallama, ta tura kuɗi, washegari ta aika yaro tasha ya karɓo mata kaya, alhali ba ta taɓa ganin fuskar mai shagon ba. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya ƙara tura mutane ga wannan hanya, har waɗanda a da ba su yarda da komai sai kuɗi a hannu. To amma tsakanin "na tura" da "na karɓa" akwai wani ɗan tsakani da yawancin rigimar cinikin waya take faruwa a cikinsa. A nan mai sayarwa yake da aiki biyu: ya tabbatar kuɗin sun shiga asusunsa da gaske, sannan ya ba mai saye bayanin inda kayansa suke dalla-dalla.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata Hajiya a Kaduna ta sayi turmi shida a kan naira 14,000 kowanne, wato 84,000 ke nan. An yi da ita za ta haɗa da kuɗin mota 3,500 da na ɗauri 500, jimla 88,000. Mai shago ya tura mata lambar asusunsa mai alƙaluma goma, da sunan banki, da sunan da ke kan asusun. Wannan na ƙarshen ba ƙari ba ne, domin kafin kuɗi su fita manhajar banki tana nuna sunan mai asusun, kuma da shi Hajiya za ta gane ba ta yi kuskuren lamba ɗaya ba. Bayan 'yan mintoci sai ga hoton rasit ya shigo wayar mai shago, da koren rubutu, an rubuta "Successful".

A nan ne da yawa suke ƙonewa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Hoto ne kawai, kuma duk mai waya zai iya gyara adadi ko kwanan wata a jikinsa, ko ya sake turo na makon jiya. Alat ɗin da ke shigowa ta saƙon tes ma bai isa hujja ba, don 'yan damfara suna iya turo saƙo ya fito da sunan banki, har wani lokaci ya shiga cikin jerin tsofaffin saƙonnin bankin na gaskiya. Hujja ɗaya ce tak, ita ce abin da mai shago ya gani da idonsa a cikin asusunsa. Ya buɗe manhajar bankinsa, ko ya danna lambar bankin, irin su *737# ta GTBank ko *894# ta First Bank ko *919# ta UBA, ya duba abin da ke ciki. In da safe yana da 212,000, babu abin da ya shiga ko ya fita, yanzu ya kamata ya ga 300,000, ko kusa da haka in banki ya cire ɗan cajinsa. In har yanzu 212,000 yake gani, to kuɗi ba su zo ba, ko da rasit goma aka turo masa.

Ganin ƙaruwar kuɗi ma bai gama magana ba a shagon da ake hada-hada. Sai ya shiga jerin shige da ficen asusun ya nemo ainihin layin, ya gwada abu uku da rasit ɗin: adadi, lokaci, da sunan wanda ya turo. Dalili kuwa, mutum biyu suna iya turo 88,000 a yini ɗaya, ko kuma mutum ɗaya ya turo, mutum biyu su ce nasu ne.

Maganar suna ita ce ta fi bukatar natsuwa. Sau da yawa sunan da zai fito ba na Hajiya ba ne, kuma babu wata cuta a ciki: wataƙila maigidanta ne ya tura, ko ta ba mai POS na bakin layinsu tsabar kuɗi shi ya tura mata. Shi ya sa ya kamata tun kafin a tura a tambaya, "Hajiya, da wane suna kuɗin za su shigo?" Amsar da aka bayar kafin kuɗi su shigo ta fi wadda aka bayar bayan sun shigo nauyi. Akwai wata damfara da ta ginu a kan wannan giɓin. Ɗan damfara zai yi ciniki da mai shago ya karɓi lambar asusunsa, sai ya koma gefe ya tallata wa wani bawan Allah waya ko keken ɗinki da babu su, ya ba shi lambar asusun mai shagon ya ce ya biya a nan. Kuɗi na gaske za su shigo, mai shago ya saki kaya ga ɗan damfara, shi kuma wanda aka cuta ya kai ƙara banki. Ƙarshenta asusun mai shago ake rufewa, shi ake nema, alhali kayansa sun tafi. Saboda haka in suna ya saɓa ba tare da an yi bayani tun farko ba, a nemi magana da wanda ya turo kuɗin baki da baki, a ji me ya san ya biya. Haka nan in wani ya ce ya turo fiye da kima, a mayar masa da ragowar ta wani asusu daban, kada a yi. A fara ganin kuɗin tukuna, kuma in za a mayar, a mayar asusun da suka fito.

Wani lokaci kuma gaskiya Hajiya take faɗa: an cire mata kuɗi, mai shago bai gani ba. Turawa tsakanin banki da banki a Nijeriya tana bi ne ta tsarin NIP na kamfanin NIBSS, wanda aka fara a 2011, kuma galibi cikin daƙiƙoƙi take sauka, amma takan maƙale in layin ɗayan bankunan ya samu matsala. A irin wannan hali kada a zargi kowa, kada kuma a saki kaya. Kowace turawa tana da doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake rubutawa "Session ID" a jikin rasit, da ita banki yake bin sawun kuɗi. Hajiya ce za ta kai wannan lamba bankinta, tunda daga can kuɗin suka tashi, shi ma mai shago ya tambayi nasa bankin da lambar. Ko dai kuɗin su sauka, ko su koma mata. Kada ta sake turawa kafin a san inda na farkon suka tsaya, in ba haka ba ana iya wayar gari duka biyun sun shiga, a buɗe sabon babin rigima. In banki ya yi mako biyu bai warware ba, tana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

To, kuɗi sun shigo. A ganina daga wannan minti nauyi ya koma wuyan mai shago gaba ɗaya, kuma a nan 'yan kasuwarmu da dama suke sakaci. Wanda ɗazu yake amsa saƙo nan take, da ya ga alat sai ya yi shiru, ya bar mai saye da zullumi. Ita Hajiya ta rabu da kuɗinta, ba ta da komai a hannu sai maganarsa. "Na gani" kaɗai ba ta wadatar ba. Abin da ya dace shi ne a rubuce, kamar haka: "Hajiya, barka da rana. Naira 88,000 sun shigo da ƙarfe 11:20 da sunan Alhaji. Na turmi shida ne da kuɗin mota da ɗauri, babu sauran bashi tsakaninmu. Gobe da safe in sha Allahu zan kai tasha. A turo min sunan wanda zai karɓa da lambar waya biyu." Wannan saƙo shi ne rasit ɗinta. Ya faɗi adadi, ya faɗi abin da aka biya, ya kuma kashe maganar kuɗin mota, wadda ita ce take yawan haɗa mai saye da direba faɗa a tasha, direba yana cewa ba a biya shi ba, mai kaya tana cewa ta biya tun daga Kano.

Kafin a ɗaure kaya a ɗauki hotonsu a jere, turmi shida ana ganin zanen kowanne, a tura mata ta ce su ne. Bayan an ɗaure a buhu an naɗe da salatif, a rubuta sunan mai karɓa da gari da lambobin wayar nan biyu da maka a jikin buhun, ba a 'yar takarda da za ta iya ɓallewa ba. Lamba ta biyu tana da amfani, domin direba ba zai tsaya jiran wayar da ke kashe ba, fasinja yake nema ya juya.

A tashar Unguwa Uku, inda ake samun motocin Kaduna, ya fi kyau a ba da kayan ta hannun 'yan ƙungiyar direbobi a rubuta webil a karɓi takarda, maimakon a tare wata mota a bakin titi don ragin naira ɗari biyar. In kaya suka ɓata ta hannun ƙungiya akwai wanda za a tambaya. Daga nan sai saƙo na biyu, kuma shi ma a rubuce: sunan direba da lambar wayarsa, irin motar da launinta da lambarta, hoton buhun da na takardar webil, da inda za a sauke, misali tashar Kawo. A faɗa mata an biya direba, kada ta ƙara ko sisi. Lokacin tashi kuwa a yi gaskiya a kansa. Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, don haka "na ba direba" daban, "sun tashi" daban. A ce mata an loda da ƙarfe tara, in sun ɗau hanya a sake sanar da ita, don kada ta aika yaro ya wuni a Kawo yana jiran motar da ba ta bar Kano ba.

In kaya masu tsada ne ko hanyar ta yi nisa, kamfanonin aika kaya da ma'aikatar gidan waya suna ba da lambar bin sawu. Ita ma a tura ta da hoton takardar, kada a kwafa da hannu a yi kuskure. Wani abin da ya kamata a daina shi ne ɗora rasit ɗin mai saye ko hoton buhunsa a shafin talla don a nuna ana ciniki, da sunansa da lambar wayarsa a fili. Da wannan kaɗai wani zai iya kiran mai kaya ya ce shi ne direba, a turo masa kuɗin sauke kaya.

Ita ma Hajiya da nata aikin. Wanda ta aika ya je da hoton buhun a wayarsa, ya duba ɗaurin bai taɓu ba, a ƙirga turmi shida da zarar an buɗe, sannan ta rubuta wa mai shago cewa kaya sun iso lafiya. Shi kuma mai shago kada ya goge rasit da saƙonnin da hoton webil sai ya samu wannan amsar, ya ma ƙara 'yan makonni yana ajiye da su, domin in magana ta taso a banki ko a tasha, su za a fara ce masa ya kawo.