Faɗin Haidurolik: Inda Yake Aiki da Inda Yake Ruɗar Injiniya

Yawancin ƙa'idojin da ake lissafa gudun ruwa da musayar zafi da su, a bututu mai zagayayyen baki aka gwada su. Amma ba kowace hanyar ruwa ce ke da wannan siffa ba. Bututun iskar sanyaya ɗaki mai kusurwa huɗu ne. A masana'antu kuma akan zura ƙaramin bututu cikin babba, ruwan zafi ya bi ta ciki, na sanyi ya bi ta ratar da ke tsakaninsu. To wane faɗi za a sa a lissafi?

Dabarar injiniyoyi ita ce su ara wa hanyar wani faɗi, wanda ake kira faɗin haidurolik:

```
Dh = 4A / P
```

A shi ne girman filin da ruwa ke ratsawa, P kuma tsawon kewayen bangon da ruwan ke taɓawa. An sa 4 ne domin idan bututun zagayayye ne, amsar ta fito daidai da faɗinsa na gaskiya. Bututun iska mai santimita 40 da 20 zai ba da kusan santimita 27. A bututu biyun nan kuwa, faɗin babban za a ɗauka a cire na ƙaramin.

A ce faɗin ƙaramin ta waje milimita 25 ne, na babban ta ciki milimita 50. Dh ya zama milimita 25. Idan ruwa mai ɗumin digiri 20 yana gudun mita ɗaya a daƙiƙa, lambar Reynolds, wadda ke nuna ko ruwa na tafiya a natse ko a hargitse, za ta kai 25,000. Wannan gudu ne mai hargitsi, domin ya wuce 10,000. Ƙa'idar Dittus da Boelter ta zagayayyen bututu za ta ba da lambar Nusselt, ma'aunin ƙarfin shigar zafi daga bango zuwa ruwa, wajen 165. A nan aron ya yi rana. Dalili kuwa shi ne, idan ruwa ya hargitse tsakiyarsa a gauraye take, abin da ke tare zafi siririn ruwan da ke manne da bango ne kawai, shi kuwa bai damu da siffar hanyar sosai ba.

Yanzu a rage gudun zuwa santimita 5 a daƙiƙa. Reynolds ta sauko 1,250, ƙasa da 2,300, ruwan ya koma tafiya a natse ba gauraya. Dole zafi ya ratsa faɗin ruwan gaba ɗaya, sai siffa ta zama ita ce komai. Idan zafin bango ɗaya ne ko'ina, lambar Nusselt a zagayayyen bututu 3.66 ce. A murabba'i 2.98 ce, saboda ruwa na yin sanyin jiki a kusurwoyi. Tsakanin faranti biyu masu faɗi kuwa 7.54 ce. Duka ukun suna iya samun Dh iri ɗaya, amma ga amsoshi sun yi hannun riga. A misalinmu, inda bututun ciki ne kaɗai ke ba da zafi, na waje a lulluɓe yake, lambar gaskiya 5.74 ce. Wanda ya ɗauko 3.66 ya rage lissafinsa da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

Akwai kuma rikicin bango biyu. Ruwa na gogar bangon ciki da na waje, amma ɗaya ne kawai ke ba da zafi. Shi ya sa wasu littattafai, irin na Donald Kern na 1950, ke sa kewayen bango mai zafi kaɗai a gurbin P. Da wannan hanya faɗin misalinmu zai zama milimita 75, ninki uku. Kowace ƙa'ida da faɗin da aka gina ta a kansa, haɗa ta da ɗayan kuskure ne.

Ko a gudu mai hargitsi, matsakaicin adadi kawai Dh ke bayarwa. Ba ya nuna cewa kusurwa mai tsini za ta fi sauran bangon ɗaukar zafi. Haka nan idan bututun ciki ya goce daga tsakiya, Dh ba ya canzawa, alhali ruwan ya karkata zuwa ɓangaren da ya fi faɗi, matsattsen gefen ya yi ta gasuwa.

Saboda haka kafin ka yarda da wannan faɗi, fara duba lambar Reynolds. In ta haura 10,000, siffar kuma ba mai lungu ba ce, ci gaba da lissafinka. In tana ƙasa da 2,300, nemi jadawalin da aka yi wa ainihin siffar bututunka.