Yadda Ake Zana Gaskiya: Allon Labarin Katun na Minti Uku

Kafin fim ɗin katun ya fara motsi, sai an zana shi a tsaye, akwati bayan akwati, a jera su daga farkon labari zuwa ƙarshensa. Wannan jerin zane shi ne allon labari. A kamfanin Walt Disney aka daidaita wannan dabara a farkon shekarun 1930, kuma gajeren fim ɗinsu na 'yan aladu uku, wanda ya fito a 1933, shi ake yawan ambata a matsayin na farko da aka zana wa cikakken allo. Dalilin yin sa lissafi ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu zanen hannu kuma kan yi zane 12, kowanne ya tsaya sau biyu. Ke nan katun na minti uku yana cin zane 2,160. Gyara a kan allo kuwa takarda ɗaya ce za a yage a sake.

A kowane akwati ana zana abin da mai kallo zai gani. A ƙarƙashinsa a rubuta lambar fitowa, maganar da za a yi, sautin da za a ji, da yawan daƙiƙun da hoton zai ɗauka. Kibiyoyi ne ke nuna inda mutum ko kyamara za su nufa. Ba a buƙatar zane mai kyau. Abin da ake so shi ne a gane wane ne, ina yake, me yake ji.

Mu ɗauki labarin Talatu, 'yar shekara bakwai, da tulun kakarta, a fitowa shida.

Fitowa ta ɗaya, daƙiƙa 20. Ɗaukar nesa ce ta tsakar gida da hantsi: tulu a gindin darbejiya, akuya tana yawo sake, Kaka tana shirin shiga maƙwabta. Sai a matso kusa, a nuna Kaka ta sha ruwan tulun da moɗa ta mayar da murfi a hankali, a nuna Talatu tana miƙa wa akuya ganye. Aikin wannan fitowa shi ne yaro ya san tulun yana da daraja, akuyar kuma ƙawar Talatu ce. Idan bai san haka ba, abin da zai biyo baya ba zai taɓa shi ba.

Fitowa ta biyu, daƙiƙa 25. Talatu tana 'yar gala-gala, santsi ya kwashe ta, ta bangaji tulu. Faɗuwar na bukatar akwati uku: gwiwar hannunta a jikin tulu, tulu a karkace, sai ɓallin kasko da ruwa yana malala. A bayan kowane akwati a bar akuya can nesa tana cin ganyenta, domin kada mai kallo ya yi shakkar wanda ya yi ɓarnar.

Fitowa ta uku, daƙiƙa 30. An ji sallamar Kaka. Kyamara ta zo daf da fuskar Talatu: idonta ya kalli kasko, ya kalli ƙofa, ya sauka kan akuya. Wannan kallo uku shi ne haihuwar ƙaryar, kuma kowanne yana neman akwatinsa. Kaka ta ce, "Talatu, wa ya fasa mini tulu?" Talatu, kanta a sunkuye, ta nuna da yatsa: "Akuya ce, Kaka." A nan mai zane ya kiyaye, kada ya sa Talatu ta yi murmushin wayo ko a sa kiɗan ban dariya. In aka yi haka, yara za su tafa wa ƙaryar.

Fitowa ta huɗu, daƙiƙa 40, ita ce zuciyar fim ɗin, kuma babu magana a cikinta. Kaka ta ɗaure akuya a turke. Talatu ta zauna gaban kwanon abinci ta kasa ci. Akuya ta miƙa wuya ga ganyen da igiya ta hana ta kaiwa. Inuwar darbejiya ta matsa daga wannan gefe zuwa wancan, alamar yini ya tafi. A riƙa sauyawa tsakanin fuskar yarinya da fuskar akuya, kowane karo a ƙara matsowa. Sababbin masu zane kan gajarta wannan wuri don suna ganin ba abin da ke faruwa. Amma a nan ne yaro yake ganin cewa wani ne ke biyan bashin ƙarya.

Fitowa ta biyar, daƙiƙa 40. Talatu ta tashi, ta yi taku biyu, ta tsaya, ta waiwayi akuya, sannan ta ƙarasa. Tun daga farko a ajiye Kaka a hannun dama na hoto, Talatu a hagu. Idan aka juya su ba dalili, ƙaramin yaro zai ɗauka an sauya wuri. Talatu ta durƙusa: "Kaka, ni na fasa tulun. Ba akuya ba ce." A bar daƙiƙa biyu na shiru a kan fuskar Kaka. Sannan ta jawo ta jikinta ta ce, "Na ji zafin tuluna, kishiyata, amma na ji daɗi da kika gaya mini gaskiya. Je ki kwance akuyar."

Wannan amsa ta Kaka tana da hujja. A 2014 Farfesa Kang Lee na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajin da suka yi da yara 'yan shekara 3 zuwa 7. Labaran da ke tsoratarwa da mummunan ƙarshen maƙaryaci, irin na Pinocchio da na makiyayin da ya yi ihun kerkeci na ƙarya, ba su ƙara wa yaran faɗin gaskiya ba. Labarin yaron da ya amsa laifinsa mahaifinsa ya yaba masa shi ne ya yi tasiri. Don haka allon da ya ƙare da bulala yana iya koya wa yaro ya ƙara ɓoye laifi.

Fitowa ta shida, daƙiƙa 25. Talatu ta kwance igiya da hannunta, ta share kaskon da tsintsiya, washegari ta ɗauko wa Kaka sabon tulu daga kasuwa suna tafe tare. Yabo bai ɗauke mata gyaran ɓarna ba, kuma ba a bukatar wata murya ta fito ta yi wa'azi.

Da an gama zane, sai a ɗauki hotunan akwatunan, a jera su a bidiyo gwargwadon daƙiƙunsu, a ɗora murya ta wucin gadi. A nan ake gane fitowar da ta yi tsawo da wadda ta yi sauri. A duba shi a fuskar waya, domin abin da ya yi ƙanƙanta a can, kamar motsin idon Talatu, sai an sake shi da ɗaukar kusa.

Gwaji na ƙarshe shi ne a kashe sauti, a nuna wa yaro ɗan shekara biyar ko shida, a ce ya ba da labarin. Idan ya ce akuya ce ta fasa, fitowa ta biyu ba ta fito ba. Idan bai san dalilin da Talatu ta ƙi cin abinci ba, ta huɗu na neman ƙarin akwati. Mai shirya katun, kada ka fara zanen motsi sai yaro ya iya gaya maka labarin nan daga hotuna kaɗai.