Lokacin da wayoyi suka haɗu amma na'urar tsaro ba ta ji ba

A watan Janairun 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa a Kano, a shekarar kuma tashar Gorou Banda mai megawat 30 ta fara ba Yamai wuta. Abin da idon mutum ke gani a irin waɗannan wurare shi ne faifan sola jere reras. Abin da ke hana injiniya barci kuwa yana cikin wani ɗan ɗaki a gefe, inda aka kafa na'urorin da ke yanke wuta idan layi ya sami matsala. An gaji hanyar saita waɗannan na'urori ne daga zamanin da kusan duk wutar ƙasa daga manyan injuna masu juyawa take fitowa, irin na Kainji da Shiroro. Tashar sola ba ta da abin da ke juyawa, kuma halinta a lokacin haɗari daban yake ƙwarai.

Mu fara da abin da ke faruwa idan iskar damina ta kayar da reshe a kan layi, ko waya ta taɓa 'yar'uwarta. Wuta ta sami gajeriyar hanya, sai ta kwararo da yawa fiye da kima. Janareta mai juyawa, komai girmansa, yakan tura ninki biyar zuwa bakwai na abin da ya saba bayarwa a farkon haɗewar. Ba wanda ya umarce shi. Maganaɗisun da ke cikinsa ne ke yin haka, kuma tulin jan-ƙarfe da baƙin ƙarfen jikinsa na iya jure zafin na ɗan lokaci. Wannan kwarara tana da ɓarna, amma tana da amfani guda babba: ita ce ke sanar da cewa an sami matsala. Na'urar da ma'aikata ke kira rile tana auna amfiya nawa ke wucewa, da zarar adadin ya haye iyakar da aka sa mata sai ta umarci bireka ta buɗe. Tun da akwai tazara mai faɗi tsakanin wutar aiki da wutar haɗewa, sai a ɗora iyakar a tsakani, hankali kwance.

Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faifan sola irin wadda layi ke ɗauka, ba ta da wannan jiki. Ƙananan makunnai ne na lantarki a cikinta, masu kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma siraran sassansu kan ƙone nan take idan wuta ta yi musu yawa. Don haka masu ƙera ta suka sa mata manhaja da ke riƙe ta. Ko layi ya haɗe ƙurmus, abin da inbatar babbar tasha za ta bayar yawanci bai wuce ninki 1.1 zuwa 1.5 na ƙa'idarta ba, kuma da yawansu a wajen 1.2 suke tsayawa. Rile kamar maigadi ne da aka horar kada ya tashi sai ya ji ihu, ga shi kuma an haɗa shi da wadda raɗa kawai take iyawa.

Bari mu ɗauki misali da lissafi. A ce tasha ce mai megawat 10, an haɗa ta da tashar rarraba wuta ta layin kilobolt 33 mai tsawon 'yan kilomitoci. Da tsakar rana, tana cikakken aiki, wutar da ke bin kowace waya ta kai kimanin amfiya 175. Dole rilen da ke bakin tashar ya bar wannan ya wuce, har da ɗan rara don kada ya riƙa katse wuta ba dalili, sai a sa iyakarsa a wajen 220. Da janareta mai juyawa ne mai wannan girma, haɗewa a tsakiyar layin za ta jawo ɗaruruwan amfiya, wataƙila 700 ko 800 bayan taransifoma ta rage wani abu, rile kuma ya gani sarai. Tashar solar kuwa 175 sau 1.2 za ta bayar, wato 210. Bai ma kai 220 ba. Idan aka sauko da iyakar zuwa 190 don a kama haɗewar, an matso dab da wutar aiki, ɗan kuskuren awo ko ɗan faɗuwar boltej a rana mai haske ya isa ya fitar da tashar. Babu wurin da za a ajiye iyakar a zauna lafiya, domin tazarar da aka dogara a kanta ta rufe.

A ɗaya bakin layin, wajen kamfanin rarraba wuta, babu wannan damuwa. Babban layin ƙasa zai turo dubban amfiya, rilen can ya buɗe birekarsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Daga nan ne hatsarin yake somawa. An yanke gefe ɗaya, ɗayan yana nan yana ciyar da wurin da ya lalace. Wutar ba ta da yawa, amma ta isa ta riƙe tartsatsi da rai, ta isa ta kashe wanda ya taɓa wayar da ta faɗi. Inbatoci suna da dabarar gane cewa an bar su su kaɗai, sai su kashe kansu, kuma ƙa'idar IEEE 1547 ta ba su har daƙiƙa 2 su yi haka. To amma layuka da yawa suna da bireka mai sake rufe kanta bayan ɗan jinkiri, saboda yawancin matsalolin layin sama na wucin gadi ne, reshe ya taɓa ya wuce. Idan an saita ta ta dawo bayan rabin daƙiƙa alhali tashar solar ba ta fita ba, za ta rufe ne a kan tartsatsin da bai mutu ba, ko a kan wutar da bugunta ya saɓa da na babban layi. Shi ya sa ɗaya daga cikin gyare-gyaren farko shi ne a tsawaita jinkirin, ko a hana birekar rufewa sai ta tabbatar babu boltej a layin.

Tun da yawan amfiya ya daina ba da labari, sai a nemi wata shaida. Mafi kusa ita ce boltej, domin duk haɗewar da ke kusa takan durƙusar da shi. Akwai saitin da ke bayyana a allon rile da lambar 51V: muddin boltej yana daidai, iyakar tana nan a 220, amma da ya faɗi ƙasa da, a ce, kashi 70 cikin ɗari, iyakar ta sauko zuwa 90. Amfiya 210 tare da boltej da ya durƙushe ba ya kama da rana mai haske, rile zai gane. Sai dai wannan dabara tana da rauni. Haɗewa a layin maƙwabta ma tana saukar da boltej a duk yankin, tashar kuma za ta tura wuta can ɗin ma. Idan birekar maƙwabta tana bukatar daƙiƙa 0.3 ta share matsalarta, dole namu rilen ya jira fiye da haka, in ba haka ba mu fitar da tasha lafiyayya saboda laifin wani layi.

A ganina, ga tasha mai wannan girma, hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda ba ruwanta da yawan wutar. A sa rile a kowane bakin layi, a haɗa su da zaren faiba, su riƙa kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Lambarsa 87L. In lissafin biyu ya yi daidai, layin lafiya yake. In ya bambanta, wuta tana zuba a wani wuri a tsakani, sai birekokin biyu su buɗe tare. A kan wannan zaren kuma ana iya aika umarni kai tsaye: duk lokacin da birekar kamfani ta buɗe, ta tashar ma ta buɗe. Yana da tsada, kuma in zaren ya tsinke sai an koma ga 51V a matsayin madogara ta biyu, don haka dole a saita duka biyun da kyau. Amma kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin tashar kanta, kuma bai kamata a ce nan ne za a yi tsimi ba.

Akwai wata matsalar da ta fi ɓoyuwa. Yawancin haɗewa ba ta kama wayoyi ukun duka, ɗaya ce ko biyu. Janareta mai juyawa yakan amsa da wuta marar daidaito tsakanin wayoyin, kuma da wannan rashin daidaito rile ke gane wace waya ce ta lalace, kuma gaba matsalar take ko baya. Inbatoci da yawa an tsara su ne su ba da wuta daidai wa daida a wayoyi ukun ko me ya faru, sai rile ya rasa alkibla, ko ya nuna wadda ba ita ba. Ƙa'idar IEEE 2800 ta shekarar 2022 ta bukaci manyan tashoshin inbata su riƙa tura wannan wuta marar daidaito a irin wannan hali. Idan kuwa waya ce ta taɓa ƙasa, yawan wutar da za a gani ya fi danganta da yadda aka ɗaure taransifomar tashar da ƙasa, ba da inbatar ba, don haka tun wajen zaɓen taransifoma ake yanke wannan hukunci.

Wani zai ce, to me ya hana a saita tashar ta gudu da zarar ta ji motsi? An ga sakamakon haka a Kudancin Kalifoniya ranar 16 ga Agustan 2016. Gobarar daji ta jawo haɗewa a layin kilobolt 500, na'urorin tsaron layin suka share ta cikin ƙiftawar ido yadda ya kamata, amma kusan megawat 1,200 na wutar sola ya ɓace a lokaci guda. Wasu inbatocin sun yi kuskuren auna bugun wutar sun kashe kansu, wasu sun dakatar da ba da wuta na ɗan lokaci saboda boltej ya faɗi. Irin haka ya sake faruwa a yankin Odessa na jihar Texas a watan Mayun 2021, inda aka rasa fiye da megawat 1,000 na sola. Don haka yanzu ana bukatar tasha ta daure ta tsaya idan matsalar ta wani layi ce, ta fita da sauri idan tata ce. Layin ƙasa mai rauni, wanda ɗan girgiza ke iya kayar da shi, shi ya fi bukatar wannan dauriya.

Ana iya gane saitin da bai dace ba tun kafin ya yi ɓarna. Rile na zamani yana ajiye tarihin kowane abin da ya faru, da hoton wuta da boltej na waɗannan 'yan daƙiƙoƙi. Idan tarihin ya nuna birekar kamfani ta buɗe amma ta tashar ta makara ko ba ta motsa ba, rilen tashar bai ga haɗewar ba. Idan kuma tashar tana fita duk lokacin da hadari ya taɓa wani layi daban, an sa mata gaggawa fiye da kima. Sannan tun da manhaja ce ke yanke yawan wutar da inbata za ta bayar da irinta, ba a iya ɗauko adadin daga littafin makaranta. Sai an karɓi bayanan halin wannan inbatar daga wanda ya ƙera ta, an gwada su a kwamfuta da irin haɗewa daban-daban, da rana tsaka da kuma sassafe lokacin da rabin inbatocin ba su tashi ba. Duk ranar da aka sabunta manhajar, ko aka ƙara wata tashar a kan layin, sai an sake lissafin daga farko.